Nazarin Lamari: Mayar da Adon Atamfa Bisa Tsarinsa Bayan Cire Jaka Daga Hoton Biki

Asalin lamarin

Wani mai shagon hoto a Tudun Wadan Kaduna ya ɗauki hotunan wani biki ranar wata Asabar a cikin watan Disamba. A cikinsu akwai hoton uwar amarya tana tsaye ita kaɗai, sanye da riga da zani na atamfa, kuma shi ne 'yarta babba ta zaɓa domin a wanke shi babba, inci 16 da 20, a saka a firam a rataye a falo. Fuskar Hajiya ta fito sosai, hasken ma ya zauna daidai, sai dai akwai jakar takarda ruwan hoda, irin wadda ake zuba kayan rabon biki a ciki, rataye a hannunta. Ta haɗa hannuwanta biyu a gaba daidai ƙugu, jakar kuwa ta sauko ta rufe gaban zanin. Ranar Litinin 'yar ta zo shagon ta ce, "Malam, wannan jakar kawai za ka cire mana, sauran duk ya yi."

Faɗin hoton fiksel 4000 ne, tsawonsa 6000, kuma tsayin Hajiya ya ci kimanin 4000 daga ciki. Jakar ta rufe wuri mai faɗin fiksel 600 da tsawon 750, ban da inuwarta da ta faɗa gefe ɗaya da kuma jan hasken da ta watsa wa yadin da ke kusa da ita. Faɗin zanin gaba ɗaya a wannan wurin bai wuce 1050 ba, ke nan jakar ta cinye fiye da rabinsa, ta bar kimanin 280 a hagu da 170 a dama.

Adon atamfar da'irori ne shuɗaye a kan ƙasa mai duhu, kowace da ganye ɗaya ruwan ɗorawa a tsakiyarta, an jera su sahu-sahu. Idan aka ƙirga daga ƙugu zuwa ƙasa, sahu na 1 ya shige ƙarƙashin riga, na 2 yana bayyane, jakar ta rufe na 3 da na 4 da na 5, sannan daga na 6 zuwa na 10 suna fili har idon sawu. Abin da ya ɓace ke nan da'irori biyar cikakku da rabi biyu. Igiyar jakar da ke kan hannu ba ta ba da wahala ba, an goge ta cikin 'yan mintuna, don haka ba za a sake komawa kanta ba.

Litinin: gwaji na farko

Mai shagon ya buɗe hoton a Photoshop, ya zagaye jakar da `Lasso Tool`, ya kira `Content-Aware Fill`, wanda yake cikin manhajar tun fitowar CS5 a 2010 kuma shi ne abin da hannun kowa ke fara kaiwa gare shi. Aikin bai ɗauki minti ɗaya ba. Daga nesa wurin ya cika da shuɗi da ruwan ɗorawa kamar sauran zanin, amma da aka zuƙo hoton sai aka ga da'ira ɗaya ba ta rufe ba, wata tana ɗauke da ganye biyu, wani ganyen kuma yana yawo a kan ƙasar yadin babu da'irar da ta kewaye shi.

Yadda wannan kayan aiki ke cike gurbi shi ne ya tsinto ƙananan gutsattsari daga sassan hoton da ke kewaye, ya jera su yadda kowane zai yi kama da maƙwabcinsa. A kan yashi ko ciyawa ko bangon siminti hakan ya wadatar, domin babu wanda ya san inda kowace ƙwayar yashi ya kamata ta zauna. A kan atamfa kuwa kowace da'ira tana da mazauninta, kuma gurbin da ya kai faɗin da'irori biyu ya fi ƙarfin abin da gutsattsari za su iya hangowa. Mai shagon ya sake gwadawa sau biyu, yana taƙaita wurin da manhajar za ta ɗebo daga gare shi zuwa zanin kaɗai, sai launin ya gyaru amma jerin bai gyaru ba. Ya watsar da wannan hanya kafin la'asar.

Talata: gwaji na biyu, da abin da maigidan ya gani

Washegari ya koma ga `Clone Stamp Tool` a kan sabuwar leya, da `Sample` a kan `Current & Below`. Ya lura cewa sahu na 6 ba ya zaune daidai ƙarƙashin mazaunin na 5, domin kowane sahu an gusar da shi gefe da rabin tazara, kamar yadda magini ke jera bulo. Saboda haka ya riƙe `Alt` ya danna tsakiyar wata da'ira a sahu na 6, ya hau sama fiksel 250, ya matsa gefe 150, ya fara shafawa. Da ya gama sahu na 5 sai ya ɗebo daga gare shi ya gina na 4, daga na 4 kuma ya gina na 3. Aikin ya ci kimanin awa biyu, kuma da aka kalle shi kowace da'ira tana inda ya kamata, babu wadda ta karye, rabin da'irorin da ke gefen gurbin ma sun haɗu da sauran rabinsu. Ya tura hoton ga 'yar da yamma yana ganin an gama.

Bayan magariba ta kira shi ta ce Baba ya ƙi hoton. Maigidan tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya yi shekaru a sashen buga ado a ɗaya daga masaƙun Kakuri, unguwar da masana'antar yadi ta Kaduna ta kafu tun lokacin da Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Ya karɓi wayar ya ce, "Yaro, aikinka yana da tsabta, amma ka duba bakin ganyen. A wannan atamfar sahu ɗaya yana kallon dama, na bayansa yana kallon hagu. Kai ka sa sahu biyar suna kallon wuri ɗaya."

Da mai shagon ya duba, haka abin yake. Ganyen sahu na 7 da na 9 yana kallon dama, na 2 da na 6 da na 8 da na 10 yana kallon hagu. Da yake duk abin da ya gina ya samo asali ne daga sahu na 6, sai na 3 da na 5, waɗanda ya kamata su kalli dama, suka bi na 6 suka kalli hagu. Akwai kuma wani abu na biyu da Alhaji bai ambata ba: wani ɗan farin tsagi da ke gefen da'irar da aka fara ɗebowa ya bayyana sau huɗu, yana hawa sama a karkace daga sahu zuwa sahu.

Alhaji ya ƙara da bayanin da ya zama ginshiƙin aikin da ya biyo baya. Ya ce ana buga adon ne da rola mai juyawa, kuma abin da ke maimaituwa a jikin yadi shi ne dukan tsarin da aka zana, daga inda ya fara zuwa inda ya dawo farkonsa. Da'ira ɗaya ɓangare ne kawai na wannan tsari. Tazarar da ake tafiya kafin adon ya dawo daidai yadda ya fara, ita za a kira zangon ado a sauran wannan rubutu. Ya kuma ce akwai ƙyallen da tela ya mayar musu, za a kawo masa da safe.

Laraba: awo kafin a taɓa hoton

Ƙyallen ya kai kusan rabin yadi, ya isa a ga sahu huɗu a jikinsa. An shimfiɗa shi a kan tebur aka auna da tef ɗin tela. Daga tsakiyar da'ira zuwa tsakiyar ta kusa da ita a sahu ɗaya santimita 12 ne, kuma ganyensu iri ɗaya ne, don haka zangon ado a kwance 12 ne. Daga sahu zuwa sahu santimita 10 ne, amma sai an tsallake sahu ɗaya kafin a iske da'irar da ke daidai ƙarƙashin ta farko kuma ganyenta yana kallon inda nata ke kallo, don haka zangon ado a tsaye 20 ne. A cikin hoton, daidai wurin jakar, santimita ɗaya ta yi daidai da fiksel 25, wato zangon 300 ne a kwance, 500 a tsaye.

An yi tunanin a ɗauki hoton ƙyallen a ɗora shi kai tsaye a gurbin, amma aka fasa. Hasken shagon daban yake da na zauren bikin, ƙyallen a miƙe yake alhali zanin yana naɗe a jikin mutum, kuma muddin akwai isasshen yadi a cikin hoton kansa, shi ya fi dacewa da kansa ta fuskar launi da kaifi. Ƙyallen ya tsaya a matsayin abin dubawa. Ya kuma amsa wata tambaya: launinsa ya ratsa fuska biyu, kuma 'yan tsage-tsagen da ke jikinsa sun bambanta daga da'ira zuwa da'ira. Haka atamfar da aka yi da kaki take, domin tsagin yana fitowa ne inda kakin ya fashe rini ya shiga, kuma ba ya fashewa iri ɗaya sau biyu. A kwaikwayonta kuwa tsagin ma bugawa ake yi, saboda haka yana dawowa a kowane zango. Wannan ya nuna cewa a hoton nan bai kamata a ga tsagi ɗaya a wuri biyu ba.

Daga nan mai shagon ya jefar da leyar jiya, ya koma ga hoton asali da jakar a jikinsa. Ya buɗe leya marar komai ya ɗiga jan ɗigo a tsakiyar kowace da'irar da ake gani, har da rabin biyun da ke leƙowa a gefen jakar a sahu na 4, waɗanda suka fi kowanne amfani domin su kaɗai ne shaidar da ke tsakiyar gurbin. Ya auna tazarar ɗigogin da `Ruler Tool`. Daga sahu na 2 zuwa na 6 fiksel 1000 ne, wato 250 kowane sahu. Daga nan zuwa ƙasa tazarar tana raguwa: 247 zuwa na 7, sai 244, sai 241, sai 238, saboda kyamarar tana daidai fuska, ƙasan zanin ya fi nisa da ita kuma tana kallonsa a karkace. A kwance ma haka ne, tazarar da take 300 a wajen jakar ta koma 288 a sahu na 8, kuma a kowane sahu da'irorin da ke bakin jiki sun matse saboda zanin yana juyawa zuwa baya. Wannan matsewar, tare da ƙarancin yadin da ya rage a hagu da dama, ta sa aka yanke cewa daga ƙasa za a ɗebo, ba daga gefe ba.

A cikin wannan awon ne wani abu ya fito wanda gwaji biyun farko ba su san da shi ba. A sahu na 2, tazarar da'irori biyu ta zo 278 maimakon 300. Da aka zuƙo, sai ga wani siririn ninki ya taso daga inda aka soke zanin a ƙugu, ya ratsa tsakanin da'irorin biyu, ya shige ƙarƙashin jakar, ya fito a ƙasanta ya ɗan karkata dama, ya mutu kafin sahu na 7. Ninki yana haɗiye yadi, kuma abin da ya haɗiye ba ya fitowa a hoto. A sahu na 2 ya ci 22, a na 6 ya ci kimanin 10. Tunda yana raguwa ne a hankali, an ƙiyasta ya ci 19 a sahu na 3, 16 a na 4, 13 a na 5. Da wannan lissafi aka ja layuka daga ɗigogin sama zuwa na ƙasa, da kuma daga na hagu zuwa na dama, ana bin ɗan lanƙwasar da sahu na 2 da na 6 suka nuna, sannan aka ɗiga koren ɗigo a mazaunin kowace daga da'irori biyar ɗin da suka ɓace. Ranar ta ƙare ba a cire jakar ba.

Alhamis: ɗora mahon

Tambayar farko ita ce daga wane nisa za a ɗebo. Dole nisan ya zama zango cikakke, ɗaya ko biyu ko uku, ba rabi ba. Zango ɗaya, wato sahu biyu, ba zai isa ba, domin zai ba da sahu na 5 daga na 7 da na 4 daga na 6, amma na 3 sai ya nemi na 5 wanda shi ma a rufe yake, a koma kwafar abin da aka riga aka kwafa. Zango biyu kuwa ya ba kowane sahu tushensa daban: na 3 daga na 7, na 4 daga na 8, na 5 daga na 9, kuma a kowanne bakin ganyen yana kallon inda ya kamata ba tare da an juya komai ba.

Mai shagon ya zaɓi wuri mai faɗin kimanin 760 da tsawon 980 a kewayen waɗannan sahu uku, ya fi gurbin girma ta kowane gefe domin a sami abin daidaitawa. Ya danna `Ctrl+J` ya fitar da shi a leyarsa, ya mai da shi `Smart Object` domin miƙewa da lanƙwasawar da za a yi ta yi kada su rage kaifinsa. Ya ɗaga shi sama fiksel 991, wanda shi ne jimillar tazarar da ke tsakanin sahu na 8 da na 4. Sannan da `Ctrl+T` ya ƙara masa girma: tsawo zuwa kashi 103 cikin ɗari, domin 485 da ke tsakanin sahu na 7 da na 9 ta koma 500, faɗi kuma zuwa kashi 104, domin 288 ta koma 300.

Don a ga ko ya zauna, ya sauya yanayin leyar zuwa `Difference`. A wannan yanayi duk inda leyar sama ta yi daidai da abin da ke ƙarƙashinta yana yin duhu, inda suka saɓa kuwa yana haskawa. Ba a tsammanin baƙi ƙirin, tunda hasken wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Abin da ake kallo shi ne bakin da'irorin da ke wajen gurbin, musamman rabin biyun nan na sahu na 4: idan bakin ya fito da layi mai haske a gefe ɗaya, akwai saura, kuma kaurin layin shi ne yawan fiksel ɗin da ya rage. An zuƙo hoton zuwa kashi 100, ana gusar da mahon da maɓallan kibiya fiksel ɗaya-ɗaya. Da aka daidaita rabin da'irar hagu sai ta dama ta fita da kusan 16, da aka daidaita ta dama sai ta hagu ta fita da haka. Wannan shi ne abin da ninkin ya ci a sahu na 4, kuma fitowarsa daidai da ƙiyasin jiya ta tabbatar da awon.

Saboda haka aka raba mahon gida biyu. An kwafi leyar, aka ja layin ninkin daga inda ya shiga ƙarƙashin jakar zuwa inda ya fito, leya ɗaya ta riƙe abin da ke hagu da layin, ɗayar ta riƙe na dama. Aka daidaita ta hagu da yadin hagu, ta dama da yadin dama, sai adon ya ɓace a tsakaninsu gwargwadon abin da ninkin zai haɗiye. A sahu na 3 da na 5 layin ya bi ta ƙasar yadin tsakanin da'irori, ba a ma lura. A sahu na 4 kuwa ya ratsa tsakiyar da'ira, ta fito a ɗan tsuke, ganyenta ya rasa wani yanki. Mai shagon ya ce hannunsa ya yi ta son ya gyara ta ta koma cikakkiya, amma ya bar ta, domin haka kyamara za ta gan ta da jakar ba ta nan.

Abin da ya rage na 'yan fiksel an gama shi da `Puppet Warp`, ana kafa fil a tsakiyar kowace da'ira ana jan shi zuwa kan koren ɗigonsa. Babu wanda aka ja fiye da fiksel 8. A ganina wannan ma ma'auni ne: idan mutum ya iske kansa yana jan fil da nisa har da'ira tana komawa kamar ƙwai, to tushen da ya ɗebo ko lissafin girmansa ne ba daidai ba, kuma komawa baya ya fi saurin kai shi ga gyara.

Daga ƙarshe aka mayar da yanayin zuwa `Normal`, aka haɗa leyoyin biyu a rukuni ɗaya, aka rufe rukunin da baƙin `Layer Mask`, aka shafa fari a inda ake so mahon ya bayyana, wato kan jakar da inuwarta da kuma zoben kimanin fiksel 30 da jan haskenta ya ɓata. An bi da bakin mahon ta cikin ƙasar yadin mai duhu, ana kewaye da'irori, domin a wurin da babu zane ba a ganin mahaɗi. Inda dole ya ratsa da'ira, wato rabin biyun nan, an yi amfani da buroshi mai ɗan tauri, `Hardness` kimanin 70. Buroshi mai laushi sosai yana gauraya zanen sama da na ƙasa a faɗi mai yawa, kuma ko saɓanin fiksel biyu ne sai bakin da'irar ya fito biyu kamar hoton da hannu ya girgiza.

Juma'a: haske da wankin gwaji

Adon ya zauna, amma mahon ya zo da hasken inda aka ɗebo shi, kuma ƙasan zanin ya fi duhu. Maimakon a dogara da ido, an kafa `Color Sampler Tool` a kan ruwan ɗorawan ganyen sahu na 2 da kuma na ganyen sahu na 3 da aka ɗora, aka karanta lambobinsu a `Info`. Na asali ya nuna 214, 168, 52, na mahon ya nuna 188, 146, 44. An ɗora `Curves` a kan mahon kaɗai aka ɗaga har lambobin suka kusanci juna, sannan aka rage ƙarfinsa a hankali zuwa ƙasa, domin sahu na 5 ya haɗu da hasken na 6. Haka aka yi wa shuɗin da kuma ƙasar yadin. Shi kuwa ninkin an zana masa siririyar inuwa a wata leya mai yanayin `Multiply`, da launin da aka ɗebo daga inuwarsa ta gaskiya a sahu na 2, mai kauri a sama tana sirancewa zuwa ƙasa, da ɗan haske a ɗaya gefen inda yadin ya taso.

Sai batun tsagi. Sahu na 7 zuwa na 9 yanzu suna wuri biyu a hoton, kuma akwai tsage-tsage uku manya da ido zai iya haɗawa. An goge su a kan mahon da ƙaramin `Clone Stamp Tool`, aka ɗebo wasu daga hannun rigar, wadda atamfa ɗaya ce, aka sa a wurare daban.

Hoton inci 16 da 20 yana nufin a yanke shi zuwa fiksel 4000 da 5000, wato 250 a kowane inci, inda kuskuren fiksel 5 zai fito kamar rabin milimita a takarda. Don kada a yi asarar babban wanki, an yanko wurin mahon kaɗai, 1250 da 1750, aka wanke shi a takardar inci 5 da 7, wanda ya nuna shi daidai girman da zai fito a firam. Takardar ta nuna abu ɗaya da allon kwamfuta ya ɓoye: mahon ya ɗan fi kewayensa santsi, saboda ƙarin girman da aka yi masa ya tausasa ƙwayoyin hoton. An ƙara masa `Add Noise` kaɗan, da `Monochromatic` a kunne, har ya yi daidai da yadin da ke gefensa. An aika wa Alhaji takardar gwajin ta biyu bayan sallar Juma'a. Ya bi sahun da yatsa daga sama zuwa ƙasa yana duba bakin kowane ganye, ya ce wa 'yarsa a wanke babban.

Sakamako da hukunci

An miƙa hoton a firam ranar Asabar, mako ɗaya da bikin. Gwajin farko ya ci 'yan mintuna, na biyu awa biyu, na uku kimanin awa shida a cikin kwana uku, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci ya tafi ne a awo da ɗiga ɗigo.

Gwajin farko ya faɗi ne saboda an ba kayan aiki gurbin da ya fi abin da yake iya hangowa girma. Da jakar ƙarama ce, ba ta kai faɗin da'ira ɗaya ba kuma ta faɗa a kan ƙasar yadin, da mai yiwuwa ya wadatar. Gwaji na biyu shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin kayan aikin da aka yi shi da shi ba shi da laifi, hannun ma ya yi tsabta, kuma sakamakon ya wuce idon mai shagon da na 'yar. Kuskuren yana cikin lamba ɗaya: an ɗauki 250 a matsayin zangon adon alhali 500 ne. Da an ƙirga sahun da ke fili, na 6 zuwa na 10, ana duba bakin ganye, da an gano hakan a cikin hoton kansa ba tare da ƙyalle ba, domin akwai zango biyu cikakku a bayyane. Gina sahu daga sahun da aka riga aka gina kuma ya ninka kuskuren, ya ninka tsagin da ya tona shi.

Hanyar da ta yi aiki tana da iyakarta. Ta dogara ga samun zango biyu na yadi a fili, a sashe ɗaya na sutura, babu ɗinki a tsakani. Da jakar ta rufe gaban riga ne inda tela ya haɗa yanki biyu, da adon ba zai ci gaba ya tsallake ɗinkin ba, sai a auna kowane gefe daban kamar yadda aka yi wa ninkin, kuma da babu zango cikakke ko ɗaya a hoton, da dole a koma ga ƙyallen ko ga hoton wata da ta sa ankon, a sha wahalar daidaita haske. Ƙiyasin abin da ninkin ya ci a sahu na 3 da na 5 ma ƙiyasi ne, ba a iya tabbatar da shi yadda aka tabbatar da na sahu na 4 ba. Akwai kuma wuri ɗaya da bai kai sauran ba, a bakin mahon na dama kusa da kwatangwalo, inda zanin ke fara juyawa baya: da'irar sahu na 5 ta fito da ɗan faɗi fiye da yadda matsewar wurin ke bukata, da kimanin fiksel 4. Mai shagon ya nuna wa Alhaji wurin a kan firam ɗin kafin a biya shi, Alhaji ya duba ya ce a bar shi haka.